Abokina ya samu ƙarin girma, me zan rubuta a katin da zan haɗa masa da kyauta?

Assalamu alaikum. Abokina ne tun muna sakandare aka yi wa ƙarin girma a wata ma'aikatar tarayya, an ce ya zama darakta ne ko mataimakin darakta oho, ni ɗan kasuwa ne a Kwari ban san kan abin nasu ba. Na ware masa shadda yadi goma da hula da turare, amma abin da zan rubuta a ɗan katin ne ya gagare ni, duk wanda na gani a guruf kowa shi yake tura masa. Don Allah a taimaka.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ɗauki biro akwai aiki guda ɗaya a gabanka, shi ne wannan "oho" ɗin naka sai ka kashe shi tukuna. Na yi aiki a sashen kula da ma'aikata har na yi ritaya, takardun ƙarin girma ta teburinmu suke bi, kuma na ga katunan taya murna iri-iri a kan teburan mutane, wallahi abin da ya fi ɓata su shi ne kuskuren muƙami. A ma'aikatun tarayya abin a jere yake: mataki na 15 shi ne wanda suke kira AD, mataki na 16 shi ne DD, sai mataki na 17 shi ne cikakken darakta. Da AD da DD duk a Hausa mataimakin darakta muke ce musu, shi ya sa mutanen gari suke rikicewa, amma a wurin mai abin tazarar ba ƙarama ba ce, tsakanin kowane mataki da na gaba a wannan sahun sai mutum ya yi aƙalla shekara huɗu, ya zauna jarrabawa, kuma ko ya ci sai in akwai gurbi. To ka ga in ka rubuta masa "sabon darakta" alhali AD aka ba shi, ka sa shi a tsaka mai wuya, ko dai ya yi maka gyara yana jin nauyi ko ya yi shiru ya ɓoye katin kar wani na ofis ya gani a yi masa dariya. In kuma darakta ya zama ka rubuta mataimaki, ka zaftare masa shekarun wahala da layi ɗaya.

Ba sai ka tambaye shi kai tsaye ba in kana jin kunya. Tambayi ƙaninsa, ko ka sa uwargidanka ta tambayi tasa, ko ka duba sitatus ɗin 'yan ofishinsu. Sannan ka tabbatar da abu biyu, cewa takardar ta fito ta shiga hannunsa, ba wai sunaye ne ake yawo da su a WhatsApp ba, da kuma cewa tabbatar da shi aka yi ba riƙon ƙwarya aka ba shi ba. Mai riƙon ƙwarya addu'arsa daban ce, "Allah ya tabbatar" ake ce masa, kuma ni a ganina shaddar ma ka ɗan jinkirta ta har a tabbatar ɗin, ka tura saƙo na baki kawai. An sha ganin wanda ya yi wata da watanni yana riƙo sai a turo wani daga hedikwata ya karɓa, sai katunan nan su zama abin da ba ya son gani.

To mu ɗauka ka bincika an ce maka AD ne, mataki na 15. Yanzu ga inda maganar take.

A wannan satin abokinka zai samu saƙo fiye da yadda zai iya karantawa, kuma shi kansa ya san rabinsu ba shi ake taya murna ba, kujerar ake gaisarwa. Mutanen da suka shekara ba su neme shi ba duk za su ɓullo, kowa da "ranka ya daɗe", kowa da fulawa da hoton tafi, kuma a bayan saƙo da yawa akwai wata buƙata da take jiran a yi sati biyu ta fito, ɗa ne ya gama bautar ƙasa, ƙani ne yake neman canjin wurin aiki. Ya san da haka, duk ma'aikaci ya sani. Don haka aikin katinka guda ɗaya ne tak, ya karanta ya ji cewa wannan daga mutumin da ya san ni tun ba ni da komai ne, kuma ba abin da yake nema. In katin ya yi wannan, ko layi huɗu ne ya gama aikinsa. In bai yi ba, ko da ruwan zinare aka buga shi ya shiga sahun sauran.

Kai kuma naka ya fi na kowa buƙatar a yi hattara saboda ɗan kasuwa ne kai. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na biyar inda aka zayyana ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, ya hana ma'aikaci karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, har ya ce kyautar da ta fito daga kamfani ko ɗan kwangilar gwamnati ana ɗaukarta a matsayin ta haramun ce sai in an tabbatar da akasin haka. Amma ya bar ƙofa ga kyautar 'yan'uwa da abokai na ƙashin kai, gwargwadon yadda al'ada ta saba. A addini ma ka san labarin ma'aikacin zakkar nan da ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa. To kai kyautarka tana cikin wadda ko yana zaune a gida za ka ba shi, kuma rubutunka ne zai nuna haka. Shi ya sa kar ka kuskura ka saka katin shagonka a ciki, kar ka rubuta a takarda mai tambarin shago, kar ka sa shaddar a ledar da aka buga sunan shagonka da lambar waya, kuma kar ka sa hannu da sunan kasuwancinka. Sunanka na yanka ko wanda yake kiranka da shi tun makaranta, shi ke nan. Na san a wurinku 'yan Kwari ledar shago ba komai ba ce, ita ce a kusa, amma a idon wanda ya shigo falo ya gani, kyautar kamfani ce.

Yanzu bari mu gina saƙon tare. Ga irin wanda yawanci hannu yake fara rubutawa:

"Ina taya ka murnar samun wannan babban matsayi. Haƙiƙa ka cancanta. Allah ya ƙara ɗaukaka, ya kai ka matsayin da ya fi wannan. Kar dai a manta da mu."

Ba laifi a nahawunsa, amma duba shi da kyau. Cire sunan abokinka ka sa na kowane mutum a Najeriya, zai zauna daram, wanda aka ba sarauta, wanda ya ci zaɓen kansila, wanda aka ba limancin masallacin unguwa. "Wannan babban matsayi" yana nuna ba ka san ko wane matsayi ba ne. "Ka cancanta" kowa ya faɗa, kuma ba hujja a bayansa. Sai kuma na ƙarshen, "kar a manta da mu", wanda mu a wurinmu raha ce, a baki in kuna zaune kuna shan shayi ba komai, zai yi dariya ya ce kai dai ba ka da dama. Amma a rubuce, a jikin kyauta, ba murya ba fuska, sai ya koma kamar rasit, wato ga shadda nan na ajiye zan dawo karɓar canji. Wannan layin shi na fi so ka goge, da 'yan'uwansa irin su "yanzu kakarmu ta yanke saƙa" da "mun samu namu a sama" da "saura a jiƙa mu".

Game da maganar kuɗi ma bari in tsegunta maka wani abu da mutanen waje ba su sani ba. Takardar ƙarin girma takan zo da ranar da ƙarin ya fara aiki a rubuce, sau da yawa ma an mayar da ita baya zuwa 1 ga Janairu, amma albashi ba ya canzawa a watan. Sai an gyara a tsarin biyan albashi, sai a ɗauki watanni, ariyas kuwa wani sai ya shekara yana bi. Wato a daidai lokacin da dangi suke ganin ya zama mai kuɗi suna ƙara masa buƙatu, aljihunsa yana nan yadda yake, ga kuɗin walima ga masu zuwa barka. To zolayar "an shiga sahun manya, sai a fara yi mana alat" tana taɓa wurin da yake ciwo ne ba ka sani ba.

Abin da za ka sa a madadinsu abu uku ne, kuma na tsakiyan shi ne ran saƙon.

Na farko ka kira abin da sunansa, "zamanka Mataimakin Darakta", ko ma ka rubuta AD ɗin yadda suke faɗa, zai ji daɗi ya ga ka bi diddigi. Layi ɗaya ya isa.

Na biyu ka kawo abu guda ɗaya da kai kaɗai ko ku ƙalilan kuka sani, wanda yake da alaƙa da hanyar da ya biyo. Nan ne mutane suke cewa ai ba su iya rubutu ba, alhali ba iya rubutu ake nema ba, tunawa ake nema. Zauna ka tambayi kanka: lokacin da ya fara aiki a mataki na 8 yaya yake zuwa ofis, a wane ɗaki yake haya, wace shekara ce aka tsallake shi ya zo shagonka ya zauna ransa a ɓace, wane hali ne kuke yi masa tsiya a kai tun makaranta wanda yanzu shi ne ya kai shi. Wataƙila shi ne mai karatu da fitilar ƙwai bayan an kashe wuta a hostal. Wataƙila shi ne wanda ake ba wa ajiyar kuɗin aji saboda ko sisi ba ya ɓata. Ɗauki ɗaya, ɗaya fa, kar ka jero tarihi. Wannan shi ne hujjar "ka cancanta", kuma in ka kawo hujjar ba sai ka faɗi kalmar ba ma.

Amma a nan akwai rami. Katin ba a hannunsa kaɗai zai tsaya ba, matarsa za ta karanta, 'ya'yansa za su karanta, wataƙila a ajiye shi a kan shoges a falo baƙi su ɗauka. To abin tunawar ya zama wanda zai iya karantawa a gaban babban ɗansa. Labarin budurwar da ta ƙi shi, ko jarrabawar da ya faɗi, ko bashin da ka taɓa ba shi lokacin aurensa, duk a bar su a waya. Na bashin nan musamman, ko da kyakkyawar niyya ka kawo shi, gori zai zama. Haka kuma talaucin da aka yi a baya, a taɓa shi da sauƙi, ka sa kanka a ciki, "lokacin da muke haɗa kuɗin garau-garau" ya fi "lokacin da ba ka da ko na mota".

Na uku addu'a, kuma ita ma a auna ta da abin da ke gabansa. Hausa tana da addu'o'in nan kala-kala kuma kowace da mazauninta. "Allah ya sanya alheri" ta kowa da kowa ce, ba ta laifi ba ta kuma isa ita kaɗai. "Allah ya ja zamani" ta masu rawani ce, kar ka kai ta ofis sai in da wasa. "Allah ya taya riƙo" ita ce ta wanda aka ɗora wa nauyi, kuma ita ta dace da abokinka, domin daga mataki na 15 mutum ya shiga sahun masu sa hannu, fayil zai zo da sunansa a kai, in an yi ba daidai ba shi za a kira ko bayan ya bar kujerar. Saboda haka addu'ar da take ratsa ma'aikaci a wannan matakin ita ce ta tsari da ta gamawa lafiya: Allah ya tsare hannunka daga sa hannun da za ka yi nadama, Allah ya haɗa ka da na ƙasa masu amana da na sama masu adalci, Allah ya sa ka yi ritaya da mutuncinka. Kar ka ga kamar ambaton ritaya a ranar murna baƙin fata ne, duk ma'aikaci yana lissafinta, shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa duk wadda ta riga zuwa, kuma wanda ya kai AD yawanci ya fi kusa da ƙarshen fiye da farkon. Sai dai addu'a daban wa'azi daban. "Ka ji tsoron Allah, mulki amana ne, za a tambaye ka" gaskiya ce, amma in ta fito daga aboki a jikin kyauta sai ta yi kamar kana zarginsa tun bai fara ba. Ma'anar ɗaya ce, juya ta kawai za ka yi ta fuskanci sama maimakon ta fuskance shi.

To ga yadda zai fita in an haɗa, ka canza abin tunawar da naka na gaskiya:

"Mutumina, barka da arziki. Labarin zamanka AD ya same ni a shago, sai da na tashi tsaye. Na tuna lokacin da kake fita da asuba ka bi motar haya zuwa ofis kana mataki na 8, muna yi maka tsiya wai aikin gwamnati ba ya kai mutum ko'ina, kai kuma ka ce a dai bi a hankali. To ga a hankalin nan ta kawo. Ga 'yar shadda a ɗinka ta shiga sabon ofis, hular kuma in ta yi kaɗan kar ka ce kai ne ya ƙara girma, dawo da ita a canza. Allah ya taya riƙo, ya tsare hannunka da mutuncinka, ya sa a gama lafiya. A gaida Hajiya da yara, ita ma a yi mata barka, da ita aka sha wahalar. Naka, Wane."

Duba abubuwan da suka faru a ciki. Ban ce "ranka ya daɗe" ba, ban koma "ku" ba. Wanda kuka kwana ɗaki ɗaya a makaranta in ka fara yi masa jam'in girmamawa saboda takarda ta fito, kai da kanka ka gina katanga, kuma abin da yake tsoro ke nan a kwanakin nan, kowa ya canza masa murya. Girmamawar ka kai ta bayan ambulan, can ne za ka rubuta cikakken sunansa da Alhaji ko Malam ko Injiniya in yana da shi, domin bayan ambulan na idon jama'a ne, cikinsa kuma naku ne. In a da ma "Malam Wane" kake ce masa saboda ya girme ka, to ka ci gaba da hakan, ma'aunin dai shi ne kar muryar katin ta bambanta da muryar da kake yi masa magana da ita a watan jiya.

Kyautar kuma an ambace ta a layi ɗaya an wuce, an ƙanƙantar da ita yadda muka saba, "ga 'yar shadda", "ba yawa". Kar ka faɗi sunan kamfanin shaddar, kar ka ce ta waje ce, kar ka ce yadi nawa, kuma ka cire duk wata takardar farashi. Shi Bahaushe ne, yana taɓawa zai san abin da ka kashe. Amma ƙanƙantarwar ma kar ta yi yawa, in ka cika layi uku kana ba da haƙurin cewa abin bai kai matsayinsa ba, ka mayar da hankalin katin kan kuɗi ke nan, abin da muke gudu. Ita kuwa maganar hula da gaske nake, hula lamba gare ta, wani 22 wani 22 da rabi wani 23, kuma hular da ba ta shiga ba sai dai a ba wa ƙani. Tunda za ka sa a tambayi matarsa muƙamin, a haɗa da lambar hular a tambaya ɗaya. Yadi goman kuma daidai ne, zai fitar masa da babbar riga da 'yar ciki da wando, wanda ya fi dacewa da wannan lokacin fiye da yadi biyar na kaftani.

Gaisuwar iyalin da na saka a ƙarshe ba cikon layi ba ce. Wanda ya yi shekara ashirin da wani abu yana hawa matakan nan, an yi ta jefa shi gari-gari, matarsa ce ta riƙe gida da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, kuma ba mai tuna ta a ranar. In mata biyu gare shi ko fiye, to ka ce "a gaida iyali gaba ɗaya", kar ka ambaci ɗaya ka kunna masa wuta a gida. In mahaifansa suna raye, layi ɗaya na "Allah ya saka wa su Baba da alheri, addu'arsu ce" yana da nauyi ƙwarai. In sun rasu kwanan nan, "Allah ya jiƙan Baba, da ya ga wannan rana" yana sa mutum hawaye, ka san abokinka, in mai son a taɓo wannan ne ka sa, in ba haka ba ka bari.

In ka ga wancan ya yi maka tsawo ko katin ƙarami ne, ga gajere:

"Barka da arziki AD. Tun muna aji uku kai ake ba wa ajiya, yau ga gwamnati ma ta gano. Allah ya taya riƙo, ya sa a sauka lafiya. Ga ɗan turare ba yawa. Naka har kullum, Wane."

Wannan ma ya wadatar, kuma na fi son shi a kan shafi guda na kalmomin aro.

Da hannunka za ka rubuta. Na san za ka ce rubutunka ba kyau, ba komai, ya san rubutun tun kuna kwafar nots. Katunan da ake sayarwa da Turanci an riga an buga waƙa a ciki, in shi ka samu to ka nemi wanda rubutunsa bai da yawa ka yi naka a fili ɗin da ya rage, in ba haka ba farar takarda mai kauri a ninke cikin ambulan ta fi. Ka fara gwadawa a wata takardar daban, ka karanta da ƙarfi kamar yana gabanka, duk inda ka ji bakinka ya yi nauyi ko ka ji ba haka kake magana ba to wannan layin ba naka ba ne, cire shi. Da Hausa kuka saba to da Hausa, kar ka ce sai ka yi Turanci don ya zama babban ma'aikaci, Turanci yana nan jibge a kan teburinsa kullum. Ka sa kwanan wata a sama, irin takardun nan ana ajiye su a cikin fayil ɗin gida tare da takardar ƙarin girmar, wata rana 'ya'ya su gani.

Sai kai wa. Gida za ka kai, ba ofis ba. Ɗan kasuwa ya shiga ma'aikata da ƙunshin kaya ya nufi ofishin sabon AD, ko me ke ciki an riga an gama fassara shi a koridon, kuma akwai waɗanda suka zauna jarrabawar tare da shi ba su samu ba, suna nan suna kallo. In yana Abuja kai kana Kano, ka ba wa ɗan'uwansa mai tafiya, ko ka jira ya zo gida ƙarshen mako ka je da kanka bayan la'asar. In yaro za ka aika, ka tuna za a ba shi tukwici, to kar ka tura yara uku. Kuma kar ka ɗauki hoton kayan ko katin ka sa a sitatus ko a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, ka sa sauran abokai a kunya, shi kuma ka sa shi a bakin mutane. A guruf ɗin ka yi "Allah ya sanya alheri" irin ta kowa ka wuce.

Kar kuma ka bari abin ya huce, cikin sati biyu da fitowar takardar ya kamata ya isa. In tela ne zai riƙe ka to kar ka ɗinka, ba shi yadin haka, dama kowa da telansa da irin aikin da yake so a wuya. Saƙon waya kuwa ka kira shi yau ɗin nan ka yi masa barka da baki, kar ka ce sai kaya sun haɗu, katin zai biyo baya.

Abu na ƙarshe, bayan ya karɓa zai kira ka ya yi godiya, wataƙila ma ya ce "in akwai wani abu ka faɗa min", haka ake yi. Ka ce babu komai sai alheri, ku yi hirar ƙwallo ko ta 'yan ajinku. Ko da kana da wata buƙata ta gaske a ma'aikatarsu, ba a wannan kiran ba, ba kuma a wannan watan ba, in lokacinta ya yi ka je da ita ita kaɗai hannu sake, ta bi layin da kowa yake bi.